Ranar da Na Ce wa Sa'ar Uwata "Ke"

Ina da ɗan shago a International City da ke Dubai, ina sayen tsofaffin kekunan ɗinki daga wata tsohuwa a Faransa. Ban yi boko ba. Maƙwabcina, mutumin Damagaram, shi ke rubuta mini saƙo da Faransanci. Kullum "vous" yake sa mata, wato "ku" na girmamawa.

Wata rana ta rubuto cewa mun saba, mu koma "tu", kamar "kai" da "ke".

Na ce, "Sa'ar uwata ce. Bar mata vous ɗinta."

Sai ta yi mana shiru. Kwantena ba ta taso ba, ga masu saye daga Kano sun matsa mini.

Maƙwabcina ya ce, "Alhaji, a wajensu babba ke fara ba da tu. Hannu ta miƙo maka, ka ƙi karɓa."

"Wato rashin kunyar ce ladabi?"

"Ita ce."

"To rubuta: Ke, ina kayana?"

Ya yi dariya har da hawaye, ya ƙara gaisuwa, ya aika. Kafin la'asar ta amsa, har da hoton jikarta. Cikin satin kwantena ta taso.