Amsar da Ta Riski Lauwali a Bayan Acaɓa

Duk famfon tuƙa-tuƙar da ke tsakanin Roni da Gwiwa ya san hannun Lauwali. Wasu ma sun ce idan famfo ya ji ƙarar akwatin sifanarsa daga nesa, tun bai iso ba yake fara kawo ruwa don tsoro. Tun yana saurayi yake aikin nan, an sauke shi a ramuka, laka ta shiga kunnensa har ta yi hanyar fita, amma bai taɓa riƙe kwangilar kansa ba. Manya ne ke karɓa, su sayar wa wani, wanin ya kira Lauwali, ya yi aikin a ba shi abin da ba zai sayi sabulun wanke giris ɗin ba.

Lauwali mutum ne mai gaisuwa. Idan ya tare ka a hanya, sai ka yi sallama da inda za ka. Zai tambayi gida, ya tambayi gona, ya tambayi akuyar da ka sayar bara ko ta saba da sabon wuri. Shatu, uwar 'ya'yansa, ta ce ranar da ya zo zance wurinta, har aka kira magariba bai gama gaida mahaifinta ba.

A bana wata ƙungiyar agaji ta fitar da sanarwar neman 'yan kwangilar gyaran famfuna a ƙauyukan Roni da Gwiwa. Ba a kai takarda ofis. Ta imel za a tura komai, kafin ƙarfe sha biyu na rana, ranar Alhamis. Wanda nasa bai shiga ba kafin lokacin, ko kallonsa ba za a yi ba. Lauwali, wanda dama ya yi wa ɗan kamfaninsa rajista ya ajiye takardun ƙarƙashin katifa, ya ce wannan karon da sunansa zai shiga.

Ranar Laraba ya hau mota zuwa Kazaure, shagon kwamfutar Malama Lubna, wadda ita ta buɗe masa imel ɗin da ke wayarsa. Ya zaro sanarwar daga cikin hula. Giris ya cinye gindinta, layukan ƙarshe sun koma baƙi ƙirin.

"Baba Lauwali, wannan takarda ce ko tsumman goge inji?"

"Karanta sama, 'yata. Abin kirki a sama yake."

Ta yi aikinta tsaf. Ta sa lambar kwangilar a kan saƙon, ta rubuta cewa ga tayin kamfanin Lauwali, sannan ta jera abin da aka haɗo: takardar rajistar kamfani, shaidar biyan haraji ta shekara uku, wasiƙar banki, rantsuwar kotu, bayanin ayyukan baya, da takardar farashi wadda ta kulle da lambar sirri kamar yadda aka nema. A ƙasa ta roƙi a tabbatar musu da isowar saƙon.

Wajen ayyukan baya ne Lauwali ya zazzage buhu. Hotuna! Kowane famfo da ya taɓa gyarawa, ga shi tsaye a gefe da babbar riga, hannu ɗaya a kan mariƙi kamar ango. Akwai wanda famfon ma bai fito ba, Lauwali kaɗai ne da jaki.

"Baba, mu zaɓi kaɗan."

"Wanne zan bari? Na garin Amaryawa? Su ji labari su ce na raina su? Sa duka, kuma da kala."

Ta sa duka, ta tura, ta rufe imel ɗinsa saboda layi ya yi tsawo a bayansa. Ya hau acaɓa zuwa tasha, ko kwanar kasuwa ba su kai ba wayar ta yi ƙara. Saƙo ne da Turanci, dogo, ga lambar kwangilar ɓaro-ɓaro a sama. Turancin Lauwali kuwa a sunayen sifana ya tsaya.

"Allahu Akbar! Sun amsa!" Ya doki bayan ɗan acaɓa har suka kusa shiga kwata.

A Roni aka yanka zakara. Lauwali ya bi majalisa yana nuna waya daga nesa, yana cewa mutanen nan masu tarbiyya ne, ko zama ba su yi ba suka ba shi amsa. Ba wanda ya samu karantawa, don bai yarda hannun kowa ya taɓa ta ba.

Da safe yana shan kunu sai ya ajiye ludayi.

"Shatu, na yi abin kunya. Bawan Allah ya amsa mini, ko sannu ban ce masa ba."

"To Malam, ba sai an ba ka aikin ba?"

"Godiya ta jira aiki? A gidan wa aka yi haka?"

Shatu ta ce kuɗin mota, ya ce mutunci. Haka ya koma Kazaure da hantsi, ya miƙa wa Malama Lubna wayar.

"Rubuta masa ina gaisuwa, ina gaida iyali. Ki tambayi sunansa kuma."

Ta karanta. Ta sake karantawa. Ta ɗago ta dubi agogon bango.

"Baba, wannan ba mutum ba ne. Inji ne. Cewa yake saƙonka ya yi wa akwatinsu nauyi, bai shiga ba, an dawo da shi."

"Bai shiga ba? To zakaran fa?"

"Zakara ya tafi. Sha ɗaya ta wuce, matso."

Gumi ya karyo wa Lauwali ta inda bai san yana da ƙofar gumi ba. Ta lalubo cikakkiyar sanarwar a intanet, sai ga abin da giris ya cinye: kada saƙo ɗaya ya wuce megabayit goma; idan takardu sun yi yawa a raba su, a sa wa kowanne lamba. Nasa ya ninka haka.

"Yanzu wane hoto za mu cire?"

"Cire duka! Cire har ni!"

Ta bar huɗu waɗanda famfo ya fi Lauwali fitowa, ta rage nauyin sauran takardun, ta raba saƙon biyu, na ɗaya cikin biyu da na biyu cikin biyu. Kowanne ta jera abin da ke cikinsa, ta maimaita roƙon a tabbatar da isowa. Ana cikin turawa wuta ta ɗauke. Lauwali da kansa ya ja igiyar janareto, jan da ya kusa tsinka ta. Na biyun ya fita sha biyu saura kwata.

Sai jira. Ya zauna a benci, ya tashi, ya leƙa allon kwamfutar kamar mai leƙen rijiya. Wani dattijo ya shigo ya yi sallama, Lauwali ya ce "yawwa" kawai. Waɗanda suka san shi har yau ba su yarda da wannan ba.

Sha biyu saura kaɗan saƙo ya faɗo.

"Tsaya," in ji shi. "Mutum ne ko inji?"

"Mutum ce. Asma'u Daudu, jami'ar sayayya. Ta ce saƙonka biyu sun iso kafin a rufe, an rubuta sunan kamfaninka cikin masu nema. Ba za a buɗe na kowa ba sai ranar buɗewa, a lokacin za su nemi lambar sirrin farashi."

"Wato an ba ni?"

"Ba a ba ka ba, Baba. Ka dai shiga layi."

"Layin nake nema, 'yata. Ni da kullum a bayan katanga nake jin labari."

Ya sauke numfashin da ya ɗaga takardun kan tebur. Daga nan ya tsallaka masallacin gidan mai ya yi azahar, ya ce bari ya ɗan jingina da bango kafin ya nemi mota. Ladan ne ya tashe shi, wai ya gyara a yi sahun la'asar.