Rasit a Ƙarƙashin Dutsen Guga

Ranar Talata, tara ga watan Maris, Akawu ya fara haɗuwa da Mai Guga. Shayi ne ya zube masa a riga, ga lauyan da yake yi wa aiki na jiransa da fayil, sai masinja ya nuna masa wani shago a bayan ofis. Tebur ɗaya ne a ciki da bargo a kai, sai kwanon gawayi, da wani dogon mutum da ke goge hankici kamar za a kai shi gasa.

Mutumin ba ya ƙaunar ganin abu a yamutse. Kuɗin ciniki ma sai ya bi su da dutsen guga kafin ya kai banki. Da haka ya tara abin da ya tara, yana zaune da iyalinsa a ɗakin haya mai yoyo, ba shi da zance sai na fili.

Da ya samu filin, wajen wani dattijo da ake kira Baba Mai Katako, Akawu ya zaunar da shi ya karanta masa komai dalla-dalla. A fara duba takardun filin a ofishin filaye. A rubuta yarjejeniya, da iyaka da farashi da yadda za a biya, kowa ya sa hannu gaban shaidu. Kuɗi kuma ta banki, cikin asusun da ke ɗauke da sunan da ke kan takardar filin, a rubuta dalilin turawa. Rasit a yi masa kwafi tun ranar.

"Ka ji?"

"Na ji, ranka ya daɗe. Har na haddace."

Bayan wata biyu Mai Guga ya shigo ofis yana murza hula. Ya biya rabin kuɗin, amma Baba ya ce bai ga ko sisi ba, kuma wani ya zo ya taya filin.

"Ina yarjejeniyar?"

"Haba, Malam Akawu. Mutumin da a haife ya haife ni zan ce wa sa hannu? Da wane idon?"

"Asusun wa ka tura?"

"Na ɗansa. Ya ce na Baba ƙarami ne, ba ya ɗaukar kuɗi mai yawa."

Akawu ya cire tabarau ya ajiye a hankali, don kada ya jefa wa wani. "To, rasit fa?"

Nan Mai Guga ya ɗan saki fuska, ya zaro ambulan. A ciki akwai wata siririyar takarda, baƙa ƙirin, a miƙe sumul. Irin rasit ɗin na'ura ne, wanda zafi ke mayarwa baƙi.

"Ya ɗan yamutse a aljihu ne," in ji shi, "sai na ɗan bi ta kansa."

"Ka goge rasit! Kai da dutsen nan, wata rana sai ka goge 'ya'yanka."

Washegari Akawu ya bar abincin ranarsa ya tasa shi gaba zuwa banki. Suka bi layi, Mai Guga ya nuna katin shaida, aka buga masa bayanin asusunsa, aka sa hatimi. Ga rana, ga adadi, ga sunan ɗan Baba ɓaro-ɓaro. Gurbin dalilin turawa kuwa wayam.

A rumfar katako, ɗan ya fara da cewa bai san zancen ba. Da aka miƙa masa takardar, sai ya ce ai rance ne. Baba ya dubi ɗansa.

"Mai Guga ne zai ranta maka? Shi da yake cin bashin gawayi?" Ya juyo wajen Mai Guga. "Ɗana, ban ce ƙarya kake ba. Amma kuɗin asibitin uwarsu nake nema, kuma bai shigo hannuna ba. Me ya hana ka tambaye ni?"

Lauya ya ce ana iya bin ɗan a kotu, amma babu takardar da ta ɗaure Baba, kuma kafin a gama mai tayi ya tafi da filin. Aka tsaya a kan raba shi biyu, Mai Guga ya biya sabon kuɗi ya ɗauki rabi, ɗan kuma ya sa hannu zai mayar da na farko kaɗan-kaɗan. Wannan karon Akawu da kansa ya duba takardu, ya buga yarjejeniyar, ya raka Baba banki aka ɗaga matsayin asusunsa, ya tsaya a kan Mai Guga har ya rubuta "kuɗin fili". Rasit na fitowa ya fizge ya yi kwafi uku.

Mai Guga ya gina ɗaki biyu a rabin filin, da rumfar guga a gaba, ya bar haya. Ɗan Baba ya biya kashi ɗaya cikin uku ya daina. Asalin sabon rasit ɗin yana cikin fayil a ofishin lauya, don Akawu ya ƙi ba Mai Guga.