Shaidar Harajin Malama Lubna

Shekara uku Malama Lubna tana aikin awon jini a wani asibitin kuɗi a Isa, kowane wata ana cire mata haraji daga albashi. Da gurbin ƙaro karatu ya samu, aka nemi takardar shaidar biyan haraji. A ofishin harajin jiha, jami'in ya duba ya ce mai asibitin bai taɓa aiko da harajinta ba.

Mai asibitin kuwa, Alhaji Na'Allah, kawunta ne, shi ya biya mata makaranta.

Ta same shi a ofishinsa. "Kawu, za ni kai wa ofishin haraji takardun albashina ranar Litinin. Na fi son mu tafi tare."

Ya ce, "Ɗiyata, ni za ki tona wa asiri?"

"Mu tara aka cire wa, Kawu."

Ranar Litinin ta jira shi a bakin ofishin harajin har azahar, bai zo ba. Ta shiga ita kaɗai, ta miƙa takardun, jami'in ya ce Alhaji za su nema, ba ita ba.