Hannun Mai Agogo

Ni da Doguwa shagon ɗinki ɗaya muke tun 'ya'yanmu na goye. Kekena yana ciki kusa da bango, nata yana bakin ƙofa, kuma ba don haske ta zaɓi wurin ba, ko da yake haka take gaya wa mutane. Daga nan take hango rumfar mijinta a tsallaken titi. Gyaran agogo yake yi, kowa Mai Agogo yake ce masa, har ita kanta idan ranta ya ɓaci.

Doguwa gwana ce a wuyan riga, ba ta awo sau biyu. 'Ya'ya huɗu ta raina a ƙarƙashin teburin yankan nan, duk sun tashi sun bar gida. Tana da kyauta, ga dariya, ga iya zama da mutane. Aibinta ɗaya, kishi, kuma mijin da Allah ya ba ta sana'arsa ba ta taimaka ba. Idan ya canza wa mace maɗaurin agogo, dole ya ɗaura mata a hannu ya ga inda zai huda. Haka aikin yake. Amma da zarar ya kama wuyan hannun wata, sai in ji keken Doguwa ya tsaya cak. Ba sai na ɗaga kai ba, na san mace ce a rumfar.

Da can abin wasa ne. Ta yi ƙunƙuni, da yamma ya tsallako ya tsokane ta, su tafi gida tana harararsa tana murmushi. Bayan ta haura hamsin ne wasan ya ƙare.

Al'adarta ta fara yi mata wasan ɓuya, ta zo wannan wata ta tsallake wancan, daga baya ta ɗauke gaba ɗaya. Sai zafi. Muna zaune lafiya lau sai ta cire ɗankwali ta hau fifita da kwalin zare, gumi na bin wuyanta, can kuma ya wuce kamar ba a yi ba. Barci ya ƙi ta, faɗa ya ƙaru. Na lura kuma Mai Agogo ya daina tsokana. Yakan tsallako ya gaishe mu da ladabi, irin gaisuwar da ake yi wa suruka.

Wata rana da rana tsaka, babu kowa a shagon, ta ce, "Yaya, ya koma falo da kwana."

Na ce, "Ke kika kore shi?"

"Cewa na yi zafin jikinsa yana damuna. Sai ya sayo fanka ya kafa mini, ya ɗauki filonsa ya fita. Ko musu bai yi ba, Yaya. Mutumin da yake so ai zai yi musu."

Ta hau warware wani ɗinki da ba shi da laifi. Sannan ta faɗi sauran da ƙyar. In ya kusance ta zafi take ji, kamar ana goga mata yashi. Sha'awar da a da take zuwa da kanta yanzu shiru. Sai ta fara ƙirƙiro ciwon kai da ciwon baya, har ya daina tambaya. "Na ƙare," in ji ta. "Shi kuwa namiji ne, ba ya ƙarewa. Ga hannaye nan ana miƙa masa kullum."

 Ni mijina ya rasu da daɗewa, kuma abin da na sani game da wannan bai fi nata ba.

A cikin masu miƙa hannun akwai wadda ta tsaya mata a wuya, wata ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, Sista ake ce mata. Ta girme mu, amma tana tafiya kamar titin nata ne, ga turare, ga dariya da ƙarfi. Tsohon agogon da ta yi aikin asibiti da shi ya ƙi zama lafiya, ita kuma ta ƙi rabuwa da shi, don haka ba ta rabo da rumfar. Doguwa ta sa mata suna Mai Hannu. Da ta hango ta sai ta ce, "Ga ta nan, ta kawo hannun."

Rannan Sista ta tsallako da yadi, a ɗinka mata riga. Doguwa ta auna ta fuska a sake, har da "Allah ya kai mu." Da na ga tana yankan hannun rigar na san akwai magana. Na ce, "Doguwa, hammatar nan ta yi kaɗan." Ta ce, "Haka ake yayi."

Ranar gwaji Sista ta shiga bayan labule ta fito hannuwanta a maƙale a jiki. Ta yi ƙoƙarin ɗaga hannu, rigar ta ce ba ta san zancen ba. Ta dubi Doguwa ta ce, "Ƙanwata, rigar nan ai ta ɗaure ni. Me na yi miki?"

Daidai lokacin zafin ya taso wa Doguwa. Gumi ya karyo mata, ta jawo kwalin zare tana fifita, kuma bakinta ya riga hankalinta. "Ai gara hannun ya huta. Ya sha miƙawa."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Sista ta dubi tsallaken titi, ta dubi Doguwa, sai ta fashe da dariya har ɗinkin hammatar ya ɓarke. Ta jawo kujera ta zauna a cikin ɓarkakkiyar rigar. "Mijinki ne? Mutumin da bai taɓa kallon fuskata ba, sai agogo? Bar wannan. Yaushe al'adarki ta ɗauke?"

Doguwa ta yi kamar ba za ta amsa ba, amma wa zai iya da Sista. Tambaya take yi kai tsaye kamar mai tambayar farashin zare. Akwai bushewa? Akwai zafi wajen kwanciya? Kin taɓa ganin jini bayan ta ɗauke? Doguwa ta ce babu jini. Sista ta ce madalla, in ta taɓa gani ko ɗigo ne ta tafi asibiti, kada ta tsaya shawara da kowa.

Sannan ta yi mana bayani. Akwai sinadarin da jikin mace ke yi, shi ke riƙe gaban mace da laushi da danshi. In al'ada ta ɗauke sai ya ragu, fatar wurin ta yi siriri ta bushe, shi ne zafin. Jikin da ya san zai ji zafi kuwa dole ya ja baya. Ta ce a kantin magani akwai man da ake shafawa lokacin kwanciya, mai ruwa-ruwa, wanda aka yi don haka, ba man shafawa mai ƙamshi ba. In bai isa ba, likita na iya rubuta wani na sakawa da ke gyara fatar.

"Sha'awar fa?" in ji Doguwa, murya ƙasa-ƙasa.

"Wasu tasu ta ragu, wasu tana nan, wasu ma ƙaruwa take yi da tsoron ciki ya tafi. Duk lafiya ne. Mu da yawa kuma, a da ita ke zuwa kafin a taɓa mu, yanzu sai an zauna, an yi hira, an taɓa, sannan ta iso. In kin zauna jiranta ta fara zuwa, kya daɗe. Kuma wa ya gaya miki maza ba sa canzawa? Su ma jikinsu nawa yake yi wajen amsawa, sun dai fi mu iya ɓoyewa. Kin gaya masa zafi kike ji?"

"Da wane bakin?"

"Da wanda kika zage ni da shi yanzu."

Doguwa ta buɗe mata hammatar kyauta. Sayen man kuwa ni aka tura, don mai kantin maganin ya san 'ya'yanta. Na je na faɗa da bakina, da furfurata, mutumin bai ko ɗaga gira ba, ya miƙo mini kamar maganin tari.

Man ya kwana biyu a aljihun kekenta kafin ta kai shi gida. Yadda suka yi da Mai Agogo, ita ta ba ni labari. Da safe ne, yana sa takalmi, ta tsaya a ƙofar falo ta faɗa masa komai idonta a kan bango.

Ya ce ya sani. Ya ce karon ƙarshe ya ga ta cije leɓe ta juya fuska, ya ji kamar ya daki kansa, ya ɗauki alkawari ba zai ƙara cutar da ita ba. Shi ma kuma jikinsa ba ya amsawa da sauri kamar da, wani lokaci ya fara ya bari, ya zaci abin ne ya ishe ta. Sannan ya ce, "Kuma na ga inda hankalinki ya koma."

"Ina?"

"Mai gyaran firji. Wuni kike kina kallonsa."

Rumfar mai firjin tana manne da tasa. Mai Agogo ya ƙarar da idonsa a kan ƙananan ƙusoshi, daga nesa ba ya gane inda ido ya dosa, sai dai ya ga fuskar matarsa a juye wajen. Duk hararar da Doguwa ta yi watanni tana aika masa, a wajen maƙwabci yake zaton tana sauka. Ta ce ta rasa dariya za ta yi ko kuka, sai ta zauna a hannun kujera ta ce, "Wannan mai tumbin? Ka raina ni." Ranar ba a buɗe rumfar agogo da wuri ba.

Ba komai ne ya koma kamar da ba, ita ma ba ta ce haka ba. Daga baya sai da ta ga likita ya rubuta mata na sakawar. Ta ce abin ba kullum ba ne, ba kuma da gaggawa ba, wani lokaci iyakarsa ya matsa mata ƙafa su yi hira. Sun gano safiya ta fi musu, lokacin da ba gajiya. Zafin jikin yana zuwa har yanzu, in ya zo ya matsa gefe, in ya wuce ya dawo. Kishin ma yana nan, kekenta bai daina tsayawa ba.

Yanzu wasu ranakun ni kaɗai nake buɗe shago. In share, in shimfiɗa yadi, rana ta ɗaga, sannan ta shigo tana gyara ɗankwali tana cewa wai shayi ne ya ƙi tafasa. Ina taya ta murna, Allah ya sani. Amma ina jin haushi, kuma ba zan ɓoye ba, kishinta nake yi. Ni da nawa mijin mun yi shekarunsa na ƙarshe ɗaki daban, bango ɗaya tsakaninmu, ina jin tarinsa yana jin nawa, kowa na ganin ya kyauta wa ɗan'uwansa. Babu wanda ya zauna ya gaya mana komai.

Jiya da ta shigo a makare ta tarar na tsaya da ɗinki. Ta ce, "Yaya, lafiya?"

Na ce zare ne ya ƙi shiga allura. Ta karɓa ta zura mini, ba ta ƙara tambaya ba.