Amsar Takardar Tuhumar Yaya

Ranar wata Laraba, ina shiga ofis saƙon yayata ya shigo wayata. Shafi uku ne na Turanci, a ƙasa ta rubuta: "Ki gyara min ta fi haka kyau. Ƙarfe biyu zan miƙa."

Ni sakatariya ce, shekarata goma sha ɗaya ina buga wasiƙu, don haka duk dangi ni suka mayar telar takarda. Ita kuwa Yaya lissafi take koyarwa a wata makarantar kuɗi wajen Ƙofar Ɗan Agundi, da aikin take riƙe da marayunta uku. An ba ta takardar tuhuma: makin ɗalibai huɗu ya tashi tsakanin takardarta da kwamfutar makaranta. In amsarta ba ta gamsar ba, korarta za a yi.

Na karanta amsar tata sau biyu. Ta faɗi shekarunta a aiki, ta yi rantsuwa har sau uku, ta yabi shugabar makaranta. Amma ko'ina ba ta faɗi hannun da takardar makin ta bi kafin ta isa kwamfuta ba.

Na rubuta mata: "Yaya, wane irin kyau? In taƙaita, in fayyace, ko in sa mata harshen ofis?"

Ko minti ɗaya ba a yi ba ta kira.

"Ke, jarrabawa kike min? Da na sani zan aiko miki? Ki gyara kawai!"

"Ba za su haɗu ba ne, Yaya. Kowanne inda zai kai ki daban."

Ta kashe waya. Raina ya ɓaci, don ni ma ba kanwar lasa ba ce, amma tsoro ya fi ɓacin ran yawa. Na nemi izini, na hau adaidaita zuwa gidanta a Zaitawa. Sha biyu saura na same ta zaune a tsakar gida da hijabinta, shayinta ya huce ba ta taɓa ba.

Na zauna na yi mata dalla-dalla. In taƙaitawa ce, zan cire rantsuwa da yabo, abin da zai rage layi biyar ne da ke cewa ba ta sani ba. In harshen ofis ne, zan sa adireshi da kanu da gaisuwar girmamawa, ta yi tsaf, amma tambayar da aka yi mata na nan ba amsa. In kuwa fayyacewa ce, dole a faɗi rana da lokaci da wanda ya karɓi takardar.

"Wa ya karɓa?" na ce.

Ta kalli bango. "Kin sani ai."

Wallahi sai a lokacin na sani. Jami'in jarrabawar makarantar mijin gwaggonmu ne. Shi ya samo mata aikin bayan rasuwar mijinta, shi ya yi mana walicci mu duka biyun. Baba muke ce masa. Shafi ukun nan duk zagaye sunansa take yi, kamar mai kewaya kwata.

"Ki sa mata harshen ofis ɗin," ta ce a hankali.

"To. Amma ki sani, in sun karanta ke za su ɗora wa laifin."

"Ke ba ki da kara! Da wane ido zan kalli Gwaggo?"

"Da wane ido za ki kalli yaran nan in an kore ki?"

Na yi nadamar yadda na faɗa, amma ban janye ba. Aka kira sallar azahar ba wadda ta motsa. Na riƙe wayar ina jira. Zan iya rubutawa da kaina in ce mata ga gyara, ta sa hannu cikin sauri. Na ƙi, don ba ni zan zauna da abin da zai biyo baya ba.

Ɗaya da kwata ta miƙo hannu. "Ba ni." Da yatsanta ta rubuta cewa ranar Litinin bayan tashi ta miƙa takardar makin ga jami'in jarrabawa, kuma kwafin da ta rubuta da biro yana hannunta. Ba ta ce shi ya canza ba, don ba ta gani ba. Ni kuma na share sauran, na sa kanu da kwanan wata. Amsar ta dawo rabin shafi. Muka buga a shagon bakin titi, ta miƙa biyu saura minti goma.

Ba a kore ta ba. Baba ne ya ajiye aiki kafin ƙarshen zangon.

Bayan wata biyu muka haɗu da Gwaggo a gidan suna a Jakara. Yaya ta durƙusa ta gaishe ta, ta amsa a daƙile. Da na durƙusa ni ma, sai ta gyara mayafinta ta dube ni.

"Ke ce mai tambayar ko? Gyara aka ce ki yi."

Har yau ba ta ƙara amsa gaisuwata ba.