Na Yi Kukan Injin da Bakina

Shinkafarmu ta rani ta ɗauki ciki lokacin da injin ban ruwa ya canza kuka. Duk wanda ya noma shinkafa a fadamar Tanda ya san abin da wannan ke nufi: idan ta sha ƙishirwa a wannan gaɓa, zangarniya za ta fito amma ba ƙwaya a ciki. Injin na mahaifinmu ne, ya bar mana shi ni da ƙannena, kuma ni ke riƙe da shi domin ni ne babba. Ni kuwa mutum ne mai yawan zullumi. Ƙofar da na kulle da hannuna sai na koma na taɓa ta.

Da hantsi na ji shi. A ƙarƙashin rurin da na saba ji akwai wani ƙaras-ƙaras, kuma ruwan da ke fita daga tiyo ya rage ƙarfi. Na kashe injin nan take. Wani mai gyara na ƙauyenmu ya zo, ya saurara kaɗan, ya ce ƙarfen da ke tura fistan ne ya fara bugu, sai an wargaza injin gaba ɗaya, kuma sai an nemo kayan daga ƙetare. Maƙwabcina na gona ya ce ƙarya ne, in tayar da abina in ci gaba. Idan na bi na farko, shinkafa za ta bushe kafin a haɗa injin. Idan na bi na biyu kuma na farko ne mai gaskiya, injin zai fashe a hannuna.

Mutum ɗaya na yarda da kunnensa: tsohon da ya riƙa gyara wa mahaifinmu wannan injin tun yana sabo. Baba muke ce masa. A lokacin yana Dosso wurin 'yarsa, ana yi masa maganin ido. Na kira shi, na tayar da injin, na miƙa wayar. Ya ce ba ya jin komi sai shuu. Sai na ce bari in aika masa saƙon murya, wanda muke ce wa vokal, ya saurara a natse.

Na kanga wayar a jikin injin sosai, domin a tunanina kusa ta fi ji. Amsa ta dawo: “Ɗana, wannan inji ne ko ruwan sama a kan kwano?” Na sake, na ƙara matsawa. Na sake kuma. Wani saƙon ma ya yanke tun ban kai ga abin da nake so ya ji ba. Kowane gwaji sai na tayar da injin, kowace tayarwa ina jin kamar da hannuna nake kashe shi.

Kowa ya ce rezo ne, wato layin waya ne ba ƙarfi. A wajenmu wannan ita ce amsar komi, domin waya takan kama layin Nijar, ta saki, ta kama na Benin. Na hau tudu na aika. Na je bakin hanya na aika. Baba ya ce duk ɗaya ne. Rana ta yi tsaka, ƙasar gonar ta fara tsagewa a gefen da ya fi tudu. Na hau babur na nufi Gaya, ina cewa a raina yau sai na san inda wannan ƙara ke ɓacewa tsakanin hannuna da kunnen Baba.

Ɗan kawuna yana da rumfar gyaran waya kusa da tasha. Taubashina ne, ba ya ganina ya bar ni in wuce lafiya.

“A'a, ga bawana ya iso,” in ji shi. “Me ya mutu kuma yau? Ko kaza ta yi tari?”

“Kai ne bawan. Wayar da ka sayar mini ce ba ta kai saƙo daidai. Rezo na cinye shi a hanya.”

Ya karɓa, ya danna saƙon da na aika, a kan wayata. Muka saurara. Rurin injin ya fashe kamar ana yaga buhu, daga nan ya lafa ya koma wani shuu mai kama da magana a ƙarƙashin ruwa. Ƙaras-ƙaras ɗin babu shi.

“Wannan ya je Dosso ya dawo?” ya tambaye ni.

“A'a. Wanda ke cikin wayata ne.”

“To ka gani. Tun bai bar hannunka ba ya lalace. Ka bar rezo ya huta. Idan kira kake yi, rezo na iya tsinka magana. Amma vokal kamar ƙunshi ne: ko ya isa dukansa, ko ya tsaya yana juyawa har ya samu hanya.”

Na ce to wa ya lalata shi?

“Kai da wayar, kun haɗa hannu.” Ya nuna mini ɗan ramin da ke ƙasan wayar. “Nan take ji. Ka manna shi a jikin inji, ƙarar ta fi ƙarfinsa, ya cika ya tumbatsa. Abin da ya zube ba ya dawowa, shi ne wannan yagewar da ka ji. Sa'an nan waya tana da dabarar rage hayaniya. Idan ta ji ruri mai tafiya bai ɗaya, sai ta ɗauka damuwa ce, ta danne shi don a ji mai magana.”

“Ai rurin nake so a ji.”

“Ita ta sani? Na uku kuma shi ne matsewa. Ka san yadda mata ke yanka tumatir su shanya, kwando guda ya koma ɗan ƙulli? Haka ake yi wa vokal don ya yi sauƙin tafiya ko rezo ba ƙarfi. Ana zubar da abin da ake ganin kunne ba zai nema ba, a riƙe abin da zai sa a gane magana. Can a jiƙa shi ya tashi. Miya za ta yi, amma ba ɗanyen tumatir ba ne. Kuma don muryar mutum aka auna abin. Ƙananan ƙararraki da ke ɓoye a ƙarƙashin babban ruri, su ne farkon abin da ke tafiya.”

Na tambaye shi wanda ya yanke fa. Ya kama babban yatsana ya ɗaga shi sama kamar ya kama ɓarawo.

“Ga mai laifin. Da laka da gumi, ya zame daga kan madannin, saƙo ya tafi rabi. Tura shi sama ka ga, ya kulle, ka saki hannunka. Kuma in ka danna, ja numfashi kafin ka fara, kada farkon ya guntule.”

Ya ce akwai hanya: in ɗauki ƙarar da abin ɗaukar sauti na wayar, daga ɗan nesa, in aika shi yadda yake ba a matsayin vokal ba. Amma sai na koma Tanda, na sake tayar da injin, kuma abin zai yi nauyi, mai yiwuwa sai na dawo gari kafin ya tafi. Ga Baba da ido a ɗaure, vokal kaɗai ya iya dannawa, 'yarsa kuma tana wurin aiki. Na zauna a kan benci. Karatuna bai wuce firamare ba, amma magana ɗaya ta tsaya mini: don muryar mutum aka auna abin.

Ƙarar nan tana cikin kaina tun safe. Ko ina kan babur ina jin ta.

Na ce, “Idan ni na yi kukan fa?”

Ya dube ni. Sai ya fashe da dariya har ya riƙe teburi. “Jama'a, ku matso! Bawana zai zama inji!”

Ni mutum ne da ko a taron suna ba na ɗaga murya. Ga direbobi a zaune suna jiran lodi, ga mai shayi, ga wata mai sayar da soyayyen kifi, duk sun juyo. Na ji kunya ta rufe ni har wuya. Amma na tuna tsagewar ƙasar nan. Na juya wa titi baya, na shiga can cikin rumfar inda hayaniya ta ragu, na riƙe wayar kamar taƙi ɗaya daga bakina, na tura madannin sama, na ja numfashi.

Na gaida Baba, na ce masa ga rurin injin na kullum, na yi shi da leɓɓana. Na ce ga kuma baƙon, na yi shi da harshe da haƙora: ƙaras, ƙar-ƙar, ƙaras. Ban aika ba sai da na saurara. Bai yi mini ba, na yi shi a jere kamar kiɗa, alhali na gaskiyar ba ya bin tsari. Na goge. Wani direba ya ce, “Malam, a zuba maka mai ko ka ƙoshi?” Mai kifi ta ce a bar bawan Allah, injin mijinta ma bai kai wannan lafiya ba. Na sake yi, na sake saurara, har sai da abin da ke fitowa daga wayar ya yi daidai da abin da ke cikin kaina. Wannan karon wayar ba ta zubar da komi ba.

Amsar Baba ba ta daɗe ba. Da dariya ya fara.

“Ɗana, Allah ya yi maka albarka, yau na ji inji mai gaisuwa. Saurara. Bugun ƙarfen fistan yana tafiya tare da injin, ƙwan, ƙwan, ƙwan, ba ya kuskure. Naka kuwa kamar tsakuwa a gwangwani ne, yana zuwa yana ɓacewa. In dai yadda ka yi haka yake, ba inji ba ne, famfon ne yake wahalar jan ruwa. Kogi ya ja baya ko?”

Na ce ya ja sosai.

“To duba rariyar bakin tiyo, ka sauko da injin kusa da ruwa. In ka yi haka ƙarar ba ta tafi ba, kashe shi, kada ka yi gardama.”

Wannan “in dai yadda ka yi haka yake” ya bi ni har Tanda. Idan bakina ya yi ƙarya fa? Na kira ƙannena, muka shiga ruwa har gwiwa. Rariyar ta toshe da ciyawa da laka, ta kusa kwanciya a ƙasa. Muka wanke ta, muka ɗaure ta a jikin turke inda ruwa ke da zurfi, muka sare gaɓa muka yi wa injin sabon mazauni a ƙasa, muka ciccibo shi. Na cika famfon da ruwa, na yi bisimilla, na ja igiya.

Na durƙusa kusa da shi ina saurare, ƙannena na cewa in tashi haka nan. Ban tashi ba sai da ruwa ya kai ƙarshen gonar, ruri ɗaya tak nake ji.

Gefen tudu bai yi ƙwaya sosai ba a shekarar, ƙishirwar ta riga ta taɓa shi. Sauran kuwa mun yanka, mun sussuka, kowane gida a cikinmu ya ci har damina.