Ranar da Suka Rufe Mini Shafi Ana Tsakar Saka Taki

Taki da maganin feshi nake sayarwa a Kaura Namoda. Manoman Dauran ba sa hawa hanya da kuɗi a aljihu, kowa ya san dalili. Sai su ba mai POS na garinsu, ya turo mini, su taho da 'yar takardar shaida. Ni kuma in buɗe shafina a manhajar kamfanin da ke karɓar mini kuɗi, in ga ya shigo, a ɗora musu buhu a babur.

Wata safiya da damina na buɗe, sai jan rubutu: an dakatar da asusuna, ana bincike. Ba gani, ba cirewa. Wai na'urarsu ta ga asusu ɗaya yana ta turo mini kuɗi, ta zargi damfara.

Ga wani dattijo tsaye da takardarsa, ya yi sammako tun daga Dauran.

"Ɗana, mi ya hwaru? Gero ba ya jira, ƙasa na da danshi yau."

"Baba, zauna ka sha ruwa tukuna."

Na kira layin kamfanin, kiɗa kawai nake ji. Raina ya ɓaci. Na zauna kan buhu na rubuta musu imel da Turancina na sakandare, ko gyara ban tsaya yi ba. Na ce asusu ɗayan nan da ya tsorata ku, gari guda ne a bayansa. Na haɗa hoton shago, takardar rajista, lambar katin ɗan ƙasa da rasitin dilan da ke ba ni kaya.

Amsa ta zo da azahar, cike da ladabi. Suna son sunan kowane mai saye da lambar wayarsa da abin da ya biya.

Nan ne na tsaya. A wajenmu, a san wane ya sayi buhu goma ba ƙaramar magana ba ce. Ta kan jawo a bi mutum har gida. Na rubuta: "Ku bincike ni yadda kuke so. Mai turowar wakili ne mai rajista, ku tambayi kamfaninsa. Sunayen mutanena kuwa ba za su fita daga shagon nan ba. In laifi ne, ku rufe har abada."

Na tura, alhali jarina duka yana ciki.

Dattijon ya miƙe, yana ninke takardarsa.

"Bari in koma, in sun buɗe na dawo."

Wannan hanyar, sau biyu, saboda na'ura? Na karɓi takardar na jefa a aljihu, na kira mai babur.

"Ba ka ga kuɗɗin ba hwa," in ji dattijon.

"Na gan ka, Baba. Kama wancan gefen mu ɗora."